Kafin ka mayar da kiran mai ɗaukar aiki

Kada ka kira nan take cikin hayaniyar kasuwa.

1. Saurari saƙon sau 2, ka rubuta sunan mai kiran da muƙamin da ya ambata.
2. Duba takardar da ka tura. In ka nemi wurare da yawa, sai ka rikice.
3. Rubuta jimla 3: "Barka da rana, ranka ya daɗe. Sunana wane, na nemi aikin akawu. Na ga kiranka da ƙarfe 11, ko kana da lokaci yanzu?"
4. Tanadi lokuta 2 da za ka iya zuwa ganawa. Nan mutane ke inda-inda.
5. Tabbatar akwai kati da caji. In bai ɗauka ba, tura jimlolin a rubuce.