Darasi na 9: Wa ya matsar da aikin, yaushe ya tsaya?

'Yan uwa, kowa ya buɗe Trello a wayarsa, manhajar nan da ake rubuta kowane aiki a kati, ana matsar da shi daga layi zuwa layi a kan allo. Misalinmu na yau shagon ɗinki ne a Tudun Wada, an ba su kayan makaranta saiti 40. Allonsu layi uku ne: Yanka, Ɗinki, Guga. Mai kaya ya zo karɓa ya tarar ba a gama ba, kowa yana cewa ba daga wajensa ba ne.

Ku taɓa katin aikin sau ɗaya, ya buɗe. Ku nemi wurin da ake jera abin da ya faru da katin. In kuna kan kwamfuta kuka ga maganganun mutane kaɗai, ku danna `Show details`, sauran za su fito.

To, a nan ake faɗuwa. Sabon abu yana sama, tsoho yana ƙasa. Mun saba fara karatu daga sama, amma wannan daga ƙasa ake farawa. Ku ja allo har ƙarshe, ku ɗora yatsa a layin ƙarshe, ku hau sama ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawa tsani. Wanda ya rikice ya sake sauka, ba abin kunya ba ne.

Layin da muke nema yana ɗauke da `moved this card from`. Sunan da ke farkonsa shi ne wanda ya matsar. Bayan `from` inda katin ya baro, bayan `to` inda ya sauka, kwanan wata kuma yana ƙarƙashi.

Ku kwafa a littafi, daga ƙasa:

3 ga Maris, sakatare ya ƙirƙiri kati a Yanka.
5 ga Maris, mai yanka ya kai shi Ɗinki.
19 ga Maris, tela ya kai shi Guga.

Daga 3 zuwa 5 kwana 2 ne. Daga 5 zuwa 19 kwana 14. Aikin a Ɗinki ya kwanta. Makon jiya wata baiwar Allah ta karanto daga sama, ta ce an dawo da kaya daga Guga zuwa Yanka, har ta fara ganin laifin mai yanka. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Daga ƙasa ake farawa.

Kada kuma ku je ku tuhumi tela tukuna. Tarihin yana nuna ranar da aka matsar da kati ne kawai. Wataƙila ya gama tun 12 ga wata ya manta bai matsar ba, ko wuta ce babu. Kuma in mutum biyu suna shiga da waya ɗaya, sunan mai asusun ne zai fito. Sai ku tambayi telan, da kwanan watan a hannunku.

Aikin gida: ku buɗe kati ɗaya, ku rubuto tazarar da ta fi tsawo da layin da ya kwana a ciki. Ku fara daga ƙasa.