Ku ɗaga injin gudu zuwa 1% in kuna son ya yi daidai da titi

Jama'a ga wata 'yar dabara da na so a ce na sani tun farko. In kana gudu a kan injin jim amma burinka na titi ne, kar ka bar Incline, wato tudun injin, a 0, sa shi a 1%. Dalili kuwa, a waje kana keta iska tana tura ka baya, a ɗaki babu wannan, ɗan tudun nan shi ke cike gurbin.

Sai maganar Speed. Injin kilomita a awa yake nunawa, kai kuma minti a kilomita ka sani, to raba 60 da mintin naka kawai. Kana son kilomita 10 a minti 55? Wato minti 5 da rabi kowace kilomita ke nan, 60 a raba da 5.5 ya ba ka 10.9, shi za ka danna. Amma don Allah duba ko injin yana kan mph, wato mil a awa, don 6 a can kusan 9.7 ce a kilomita.

Ni wata biyu na yi a 0 ina jin na kai, ranar da na fita titi tun a kilomita ta bakwai numfashi ya gagare ni, wallahi abin ya min ciwo sosai.

Inda dabarar 1% ɗin ba ta aiki, in gudunka a hankali ne kamar minti 7 a kilomita, iskar ba wani tasiri take ba, 0 ko 0.5 ya isa. Kuma in jim ɗin ba fanka, zafi zai sa ka gaji da wuri har ka zata lissafin ne bai yi ba. Matso da fanka gabanka ka sake gwadawa.