Kurakuran da aka fi yi wajen karanta UTC+1, UTC-5 da ire-irensu

Wanda ya fara cin karo da rubutu irin UTC+3 a takardar gayyatar taro, ko a shafin neman gurbin karatu, yakan ɗauka lissafi aka ba shi ya yi. Alhali bayani ne kawai ake yi masa: agogon wurin da ake magana yana gaban UTC da awa 3. UTC shi ne agogon da duniya ta amince ta riƙa auna sauran da shi, ba ya canzawa rani da damina, kuma a harkar yau da kullum daidai yake da GMT ɗin da muka saba ji a rediyo. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna kan UTC+1, Gana tana kan UTC+0, Sudan UTC+2, Saudiyya kuma UTC+3.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana faruwa ne idan aka haɗa lokaci da tazarar da take tsakaninsa da UTC a layi ɗaya, kamar haka:

```
14:00+03:00
```

Ido na ganin alamar tarawa sai hannu ya tara, a samu 17:00. Amsar ba daidai ba ce. Wannan 14:00 ɗin lokacin wurin ne, an riga an tara masa awa 3 tun kafin a rubuta shi. Abin da layin yake faɗa shi ne: ƙarfe 2 na rana a garin da agogonsa yake gaban UTC da awa 3, misali Makka ko Nairobi. Saboda haka idan kana son komawa UTC, sai ka juya alamar. Inda aka sa tarawa ka ɗebe, inda aka sa ɗebewa ka tara. Ka cire 3 daga 14:00, ka samu 11:00 a agogon UTC.

Da yawa a nan suke tsayawa, su manta cewa su ma suna da tasu tazarar. Mutumin Accra ko Kumasi ya gama lissafinsa, domin agogonsa shi ne na UTC. Mutumin Kano ko Damagaram sai ya ƙara awa 1, ya zama 12:00. Na Khartoum ya ƙara 2, ya zama 13:00. A nawa ganin, gara mai koyo ya riƙa bin matakan nan biyu, daga can zuwa UTC, sannan daga UTC zuwa gida, ko da yana ganin zai iya ɗauko bambancin kai tsaye. Tsakanin +3 da +1 ba wuya, awa 2 ce. Amma tsakanin -5 da +1 mutane sukan ce 4, bayan kuwa 6 ce, tunda ɗaya yana bayan UTC, ɗayan yana gabansa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko ka juya lissafin baibai. Rana daga gabas take fitowa, don haka mutanen gabas suna riga mu shiga kowane lokaci. Duk mai kallon Harami a talabijin da azumi ya san mutanen Makka suna shan ruwa mu kuwa da sauran rana. To idan lissafinka ya nuna agogon Kano ya wuce na Makka, ko na New York ya wuce na Kano, ka koma ka duba alamar.

Sai kuma kwanan wata, wanda shi ne yake sa mutum ya rasa ganawa sukutum. A ce an aiko maka da lokacin ganawa ta bidiyo daga wata jami'a a gabashin Amurka:

```
2025-01-14T21:30:00-05:00
```

Farkon layin shekara ce da wata da rana, wato 14 ga Janairu 2025, ranar Talata. Harafin `T` yana raba kwanan wata da lokaci ne kawai. Lokacin shi ne 21:30, tara da rabi na dare a can, tazarar kuma -05:00. Alamar ɗebewa ce, sai mu tara: 21:30 da awa 5 sun kai 26:30. Tunda awa 24 ce a kwana, an tsallake tsakar dare ke nan, ya zama 02:30 na ranar 15 ga wata a UTC. Ƙara awa 1 ta Najeriya, ganawar ta kama 03:30 na daren Talata wayewar Laraba. Wanda ya yi lissafin awa daidai amma bai matsa da ranar ba, zai tashi da uku da rabi na daren Litinin ya zauna jiran mutanen da ba za su zo ba sai bayan kwana guda.

Daga gabas abin ya fi muni, domin baya ranar take komawa. Idan mai kaya a Guangzhou ya ce zai rufe karɓar oda 06:00 na safiyar Juma'a, Sin kuwa tana kan UTC+8, to a UTC 22:00 ne na daren Alhamis, a Kano 23:00. Kai da kake jiran Juma'a ta waye, an rufe tun kana shirin kwanciya.

Idan ka ga `Z` a ƙarshen layi maimakon lamba, kamar `09:00Z`, ma'anarta +00:00, wato UTC ne tsagwaronsa. Ƙara taka tazarar kawai.

Ba kowace tazara ce cikakkiyar awa ba. Indiya tana kan +05:30, Iran +03:30, Nepal kuma +05:45. Lambobi biyun ƙarshe mintoci ne. Masu asibiti a Delhi idan suka ba ka 10:00+05:30, cire awa 5 da minti 30, ka samu 04:30 a UTC, 05:30 na asuba a Abuja. Inda ake zamewa shi ne a kalkuleta: mutum ya buga 5.30, alhali rabin awa 0.5 ce, don haka 5.5 ya kamata ya buga, ta Nepal kuma 5.75. Wasu na'urori ba sa ma sa ɗigo biyun, sai ka ga `+0530` a bayanan saman imel. Duk abu ɗaya ne.

Wani kuskuren, mu ya fi kamawa, saboda agogonmu ba ya motsi duk shekara, sai mu ɗauka kowane gari haka yake. London tana kan +0 da sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana komawa +1, agogonta ya yi daidai da na Kano. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san wannan: wasan ƙarfe 3 na can yana zuwa mana da ƙarfe 4 a Disamba, da ƙarfe 3 a Afrilu. New York kuma -5 ce da sanyi, -4 daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba. Don haka kada ka haddace wa gari lamba ɗaya. Idan an rubuta tazarar a jikin lokacin, ita za ka bi. Idan sunan gari kawai aka ba ka, duba tazarar da yake kai a ranar taron, ba ta ranar da kake karanta saƙon ba.

Masu saita kwamfuta ko sabar suna da nasu tarkon. A jerin yankunan lokaci na Linux akwai sunaye irin `Etc/GMT-1` da `Etc/GMT+5`, kuma a cikinsu alamar a juye take, bisa wata tsohuwar ƙa'ida ta POSIX. `Etc/GMT-1` shi ne UTC+1. Wanda ya zaɓi `Etc/GMT+1` da nufin Najeriya zai tarar agogonsa ya koma baya da awa 2. Maganinsa shi ne ka zaɓi sunan gari, `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`, sannan ka buga wannan:

```
date +%z
```

Idan ya nuna `+0100`, saitin ya zauna daidai.