Yadda za a zaƙulo lambar da ba ta da abokiya ta hanyar XOR

'Yan'uwa masu koyon rubuta manhaja, ga wata dabara da nake so kowa ya riƙe. An ba ka jerin lambobi, kowace ta zo sau biyu, ɗaya ce kawai ta zo ita kaɗai, aka ce ka nemo ta. Ba sai ka jera su ko ka ƙirga kowace ba, XOR ya wadatar.

XOR, wanda ake rubutawa da alamar `^` a Python, yana gwada lambobi biyu ne gurbi da gurbi a tsarin sifili da ɗaya. Inda suka yi daidai ya ba da 0, inda suka saɓa ya ba da 1. Shi ya sa lamba in ta haɗu da kanta sai ta koma 0, in kuma ta haɗu da 0 tana nan yadda take. Wadda ta riga zuwa ba ta canja sakamako, don haka tagwaye suna kashe juna ko da sun yi nisa da juna a jerin.

```python
x = 0
for n in [4, 1, 2, 1, 2]:
    x ^= n
print(x)  # 4
```

Ku bi shi da alƙalami. 4 ita ce `100`. Da 1 ta shigo ta zama `101`, da 2 ta zama `111`. Da 1 ta dawo sai `110`, da 2 ta dawo sai `100`, wato 4 ɗinmu.

Amma fa a kula, in sauran lambobin sau uku suka zo, dabarar ta rushe ba tare da wani gargaɗi ba: `[2, 2, 2, 5]` zai ba ku 7, wadda babu ita a jerin sam. A nan sai a ƙirga sau nawa 1 ta fito a kowane gurbi, a raba da 3, ragowar ita ce abin da ke wannan gurbin a lambar da ake nema.