Yadda ake rubuta suna da kalmomin nema don a ga manhajarka a Play Store da App Store

In ka ɗora manhaja a sito kuma babu mai ganinta sai wanda ka tura wa adireshinta da hannunka, to galibi matsalar ba daga manhajar take ba, daga rubutun da ke shafinta ne. Mai nema ba sunan manhajarka yake rubutawa ba tunda bai ma san da ita ba, abin da ke damunsa yake rubutawa, shi kuma sito ya duba wace manhaja ce ke ɗauke da waɗannan kalmomin. Don haka aikin duka shi ne ka gano abin da mutane ke rubutawa sannan ka ajiye shi a gurbin da sito ke karantawa, kuma guraben nan ba ɗaya suke ba tsakanin Google da Apple, anan ne mutane da yawa ke yin asara.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ka haɗa manhajar da ke tuna wa mutum lokacin shan magani, ka sa mata suna Tunamin, kuma da Turanci za ka rubuta shafinta.

Mataki na farko, tara kalmomin daga bakin masu nema

Kar ka zauna ka ƙirƙiro daga kanka, domin kai da ka haɗa abin yaren masu haɗawa kake yi. Buɗe sito a wayarka, shiga wurin nema, rubuta `pill` kawai ka tsaya, kar ka danna komai. Za ka ga ya zubo maka da shawarwari a ƙasa, irin su `pill reminder` da makamantansu, waɗannan ba daga iska suka zo ba, abin da mutane ke rubutawa ne. Yi haka da `medicine`, da `medication`, da `dose`, kana rubutawa a takarda. Ka yi a sito biyun daban daban saboda shawarwarin ba lallai su zo ɗaya ba.

Daga nan ka shiga manhajoji huɗu ko biyar da ke saman sakamakon ka karanta ra'ayoyin masu amfani da su, musamman masu ƙorafi. Anan za ka ji yadda mutum ke kiran abin da bakinsa, wata za ta ce ita don mahaifiyarta ta sauke, sai ka gane ashe akwai masu jinya a cikin masu nema, kalmar `caregiver` ta shigo kenan. In ka tara kamar ashirin zuwa talatin ya isa.

Mataki na biyu, tace su

Kowace kalma ka yi mata tambaya biyu. Ta farko, wanda ya rubuta ta in ya ga manhajata zai ce ita yake nema? Ɗauki `pharmacy`, ana nemanta sosai kuma tana da alaƙa da magani, amma mai rubuta ta so yake ya sayi magani ko ya samu kanti, Tunamin kuwa ba ta sayar da komai. In ka sa ta, ko da ka fito a sakamakon, mutane za su gan ka su wuce, kuma ganin da babu saukewa ba ya ɗaga ka a wannan kalmar. Cire ta.

Ta biyu, zan iya gogayya a nan? Rubuta kalmar ka ga su waye a sama. In duk na saman masu dubban ɗaruruwan ra'ayoyi ne kuma kalmar na cikin sunansu, sabon shiga ba zai ture su a wata ɗaya ba. Kalma tilo irin `reminder` ta manya ce, amma mai gaɓa uku irin `pill refill tracker` masu nemanta kaɗan ne, sai dai sun san abin da suke so kuma layin bai da tsawo. Ni dai a ganina gara ka zama na uku a ƙaramar kalma da ka zama na tamanin a babba, tunda ba mai gangarawa har can.

Mataki na uku, sunan

A sito biyun haruffa 30 kake da su, har da tazara da alamomin rubutu. Suna shi ne gurbin da ya fi kowane nauyi, don haka kalmar da ta fi ƙarfi cikin waɗanda ka tace nan za ta zauna, kusa da sunan manhajar.

```
Tunamin: Pill Reminder
```

Haruffa 22 kenan. In ka bar shi `Tunamin` kawai ka zubar da gurbin banza, don babu wanda ya san sunan tukuna. Kuma kar ka ce dole sai ka cike talatin ɗin da tarkace, a wasu wuraren waya na yanke dogon suna, mutum ya ga rabi.

Google na da dokoki kan suna tun 2021: ba a sa emoji, ba a rubuta shi duka da manyan baƙaƙe sai in haka sunan kamfanin yake, kuma ba a sa kalmomin talla ko na matsayi irin `free`, `best`, `#1` ko `top`. Wanda ya sa, ana iya ƙin karɓar sabuntawarsa. Apple ma ba ya yarda da farashi a cikin suna.

Mataki na huɗu, ɓangaren Apple

A App Store Connect bayan suna akwai `Subtitle`, wato ƙaramin take, mai haruffa 30, sai `Keywords` mai 100 wanda masu nema ba sa gani, sito kaɗai ke karanta shi. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne Apple na haɗa kalmomin guraben nan uku da kansa. Wato in `pill` na cikin suna, `tracker` kuma na ƙaramin take, za ka iya fitowa a `pill tracker` ba tare da ka rubuta su a jere ba. Saboda haka maimaita kalma asarar wuri ce kawai, ba ta ƙara maka komai.

```
Medication & Refill Tracker
```

Wannan ƙaramin taken haruffa 27 ne kuma babu kalma ko ɗaya da ta maimaita ta cikin suna. Sai gurbin kalmomi, ana raba su da waƙafi ba tare da tazara ba:

```
medicine,alarm,dose,tablet,drug,prescription,schedule,vitamin,caregiver,daily,capsule,meds,log
```

Kalmomi 13, haruffa 94. Da ka sa tazara bayan kowane waƙafi da ya zama 106, ya wuce iyaka, dole ka jefar da kalma. Lura babu `pill`, babu `reminder`, babu `tracker` a ciki tunda suna sama. Babu `app`, babu sunan rukunin da ka zaɓa wa manhajar, kuma ba a sa tilo da jam'i na kalma ɗaya irin `tablet` da `tablets`, Apple da kansa ya ce wannan maimaici ne. Sunan manhajar wani kuwa kar ka kuskura, ya saɓa ƙa'idar bitarsu kuma ana dawo wa mutum da manhaja a kan haka.

Wani abu da ke ba mutane mamaki, dogon bayanin manhaja a App Store ba ya shiga lissafin nema, haka ma `Promotional Text`. Don haka can ka rubuta don ɗan Adam ya karanta ya gamsu, ba don sito ba. Sannan suna da ƙaramin take da kalmomi ba sa canzuwa sai tare da sabon bugu da ka tura bita, shi ya sa ake shirya su kafin a tura.

Mataki na biyar, ɓangaren Google

Play Console ba shi da gurbin kalmomi na ɓoye kwata kwata. Abin da kake da shi suna ne, sai gajeren bayani mai haruffa 80, sai cikakken bayani mai 4000, kuma Google na karanta su duka. Kenan kalmomin da ka zuba da waƙafi a Apple, a nan sai ka saƙa su cikin jimloli na gaske.

```
Never miss a dose: medicine alarm, refill alerts and a simple daily log.
```

Haruffa 72, ya ɗauki kalmomi masu amfani kuma har yanzu magana ce da mutum zai karanta ya fahimta. A cikakken bayani ka sa babbar kalmarka a layukan farko, ta sake fitowa sau biyu ko uku inda ta dace, sauran kuma kowace ta samu jimlarta, misali sakin layi ɗaya kan masu jinya, ɗaya kan tunin sake sayen magani. Abin da ba a yi shi ne jera kalmomi a ƙasan bayani kamar lissafi, ko nanata abu ɗaya sau ashirin, dokar Google ta hana kuma mai karatu ma yana gani ya san cushe ne.

In kana son masu wani harshe su same ka, ƙara fassarar shafin a harshen, amma kar ka fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya, koma mataki na farko ka ga abin da su suke rubutawa.

Mataki na shida, duba ko ya yi aiki

Kafin ka canza komai rubuta inda kake fitowa a kalmomi biyar ko shida mafi muhimmanci, bayan canji kuma ka ba shi sati biyu zuwa huɗu, don kwanakin farko matsayi na hawa da sauka. A Play Console rahoton shafin sito na nuna kalmomin da suka kawo maka mutane, a App Store Connect kuma ka tace alƙaluma da `App Store Search` ka ga sau nawa aka gan ka da sau nawa aka sauke.

Karatun alƙaluman ba wuya. In ganin bai ƙaru ba, kalmomin ne, ko dai sun fi ƙarfinka ko ba mai nemansu. In ganin ya ƙaru amma saukewa na nan inda take, to ko ka jawo waɗanda ba kai suke nema ba kamar yadda `pharmacy` za ta yi, ko kuma tambari da hotunan shafin ne ba su gamsar ba, wannan kuma sauya kalma ba zai gyara shi ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ka sauya suna da hotuna rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aikin ba. A Tunamin, in bayan wata guda `vitamin` ba ta kawo kowa ba, cire ta a bugu na gaba ka saka wata daga cikin jerin da ka tara tun farko, haruffa bakwai ɗinta da shidan da suka rage sun ishe ka kalma ɗaya doguwa ko biyu gajeru.