Suna ɗaya a imel, WhatsApp da Telegram

'Yan uwa masu sana'a, mai ɗaukar aiki ya ga “Abubakar Sadiq Musa” a takardarka, “Abba Gwani” a imel, sannan “Autan Mama” a WhatsApp. Ta ina zai san mutum ɗaya ne? Ka zaɓi rubutu ɗaya tak, wanda ke jikin katin shaidarka, domin Muhammad da Mohammed sunaye biyu ne idan ana laluben saƙo.

A Gmail, buɗe ta kwamfuta: `Settings`, `See all settings`, `Accounts and Import`, sai `edit info` a gefen `Send mail as`. Nan ne sunan da ke fita da saƙonka yake. Idan imel ɗin na ofis ne, mai kula da na'urorin ma'aikata kan kulle wurin, shi za ka roƙa.

Sa hannun ƙasan saƙo yana cikin `General`. Layi 3 sun isa: suna, sana'a, lambar waya da +234 ko +227. Kada ka tsallake `Signature defaults`, in ba haka ba saƙo zai tafi babu shi, sannan ka danna `Save Changes`. Manhajar waya ma tana da wurin nata sa hannun, ka sa iri ɗaya.

WhatsApp harafi 25 kawai yake karɓa a wurin suna, don haka ka cire Alhaji da Injiniya. Wanda ya riga ya adana lambarka kuwa, sunan da ya sa maka shi zai ci gaba da gani. Telegram gida biyu ne, sunan farko da na ƙarshe.

Ka tura wa wanda bai da lambarka ko adireshinka saƙon gwaji, ya faɗa maka sunan da ya fito.