Yadda ake bambance ire-iren guduma da zarto tun kafin a taɓa katako

Da guduma za a fara, don ita ba ta da wuya. Duba kanta, sannan ka jinjina ta. Hamar kafinta kanta ƙarfe ne, nauyinsa wajen giram 450, bayansa a tsage don zare ƙusa. In kan na itace ne ko roba, mai faɗi kamar abin bugun shadda, wannan ta buga kurfi ce da haɗa katako ba tare da tabo ba. Ka buga ƙusa da ita, fuskarta za ta rarake. Babbar guduma kuwa, mai kilo 3 zuwa 9 da ƙota kusan mita guda, hannu biyu take so, aikinta fasa kankare da kafa turke.

A zarto ne ake yawan ruɗewa, musamman tsakanin na tsaga da na giciye, domin daga nesa kamarsu ɗaya.

Mataki na farko, ɗora rula a kan haƙora ka ƙirga nawa ne a inci guda. In 4 zuwa 7 ne, manya, na tsaga ne, mai bin tsawon katako. In 8 zuwa 12 ne, na giciye ne.

Na biyu, ɗaga shi wajen haske ka dubi haƙori ɗaya. Na tsaga bakinsa a miƙe yake kamar ƙaramin kurfi, sassaƙa yake yi. Na giciye an wasa gefensa a karkace kamar wuƙa, wannan dama, na gaba hagu, don ya datse jijiyar itace. Tsofaffin kafintoci kan kwantar da allura a tsakiyar haƙoran su karkata zarton. In ta zame ta bi kwarin, na giciye ne. Garin katakon ma yana tona asiri: na tsaga burtsatse, na giciye laushi. Wanda ya gitta katako da zarton tsaga zai ga baki ya yayyage.

Akwai kuma zarto iri biyu masu firam. Mai firam mai zurfi da ruwa siriri kamar tsinke, wanda ake iya juyawa, na yankan lanƙwasa ne a falanki marar kauri. Yawanci haƙoransa ƙota suke kallo, a jawowa yake ci.

Zarton ƙarfe yawanci ruwansa inci 12 ne, haƙora suna kallon gaba, kuma an rubuta adadinsu na kowane inci a jiki: 18, 24 ko 32. Ƙa'ida ita ce haƙora uku su hau ƙarfe lokaci guda. Rodi mai milimita 12, ruwan 18 ya ishe shi, haƙora takwas ne ke kansa. Amma bututun da kaurin bangonsa bai kai milimita 3 ba, da ruwan 18 haƙori ɗaya ko biyu ne za su kama, sai ka ji ƙas, sun ɓalle. Nan sai ka sa na 32, ka ɗaure shi tamau, ka danna a turawa, ka sassauta a dawowa.